Sammore: ba kowace rama ba ce

Da sassafe wani dattijon makiyayi ya kira malamin dabbobi zuwa rugarsa a Ladduga, kusa da Kachia. Farar saniyarsa ce ke ta ramewa tun da suka dawo daga mashekari a bakin kurmi. Gashinta ya tashi, idonta na zubar da hawaye, nono ya ja baya, kullum ita ce ƙarshen garke.

"Likita, sau biyu na ɗura mata maganin hanta, shiru kake ji," in ji shi.

Malamin ya ja fatar idonta ƙasa. Maimakon ja, ciki ya yi fari fat. Ya laluba gaban kafaɗarta, ya ji kaluluwa ta kumbura.

"Baffa, zazzaɓin yana zuwa yana tafiya?"

"Haka ne. Wata rana ta yi kiwo lafiya, wata rana ta kwanta."

"To, ina zaton sammore ne. Amma bari jini ya faɗa mana."

Mu tsaya kan kalmar. A bakin mutane, duk saniyar da ta daɗe tana ramewa sai a ce sammore ya kama ta. A wurin likitocin dabbobi kuwa, sammore cuta ce takamaimai: wasu ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, waɗanda ƙudan tsando ke zubawa cikin jinin dabba idan ya cije ta. Suna hayayyafa a jinin, jajayen ƙwayoyin jini su riƙa lalacewa, saniya ta yi ta ƙanjamewa ko da ciyawa ta wadata. Ciwon hanta da tsutsar ciki su ma suna kawo rama da ƙarancin jini, shi ya sa ido kaɗai kan yaudari ko da tsohon makiyayi.

Malamin ya ɗebi jini daga jijiyar kunnenta. A asibitin dabbobi, ƙarƙashin madubin likita, aka ga ƙwayoyin suna wutsil-wutsil. Ya ce da ba a gan su ba ma, sai an sake gwaji, domin yawansu a jini hawa yake yi yana sauka.

Da ya dawo ya haɗa Berenil, maganin sammore da ake yi wa dabba allurarsa, sai Baffa ya nemi a raba ƙunshin da wata saniyar.

"A'a, Baffa. Ƙaramin ƙunshi ɗaya na saniya mai kilo 300 ne, taka kuwa ta kusa haka. Rabin magani ba ya kashe su duka, waɗanda suka tsira kuma gobe ba za su ji shi ba."

A ganina wannan rabon shi ya fi komai cutar da garkunanmu, kuma tsadar magani ce ke jawo shi.

Ya yi mata allurar can cikin tsokar wuya. Ya ce kada a sha nononta sai kwanakin da aka rubuta a jikin ƙunshin sun cika, a ba ta dusa da kanwa, a kuma daina shayar da garken a rafin nan mai duhuwa, inda tsando ke fakewa.