Waiwaye: Daga tiyar gero zuwa shagon tela, inda mazhabobi huɗu suka raba hanya

Hadisin riba abubuwa shida ya ambata: zinariya, azurfa, alkama, sha'ir, dabino da gishiri. Babu gero a ciki, amma duk almajirin da ya karanta Risala a zaurukan Katsina ya san tiya biyu ta tsohon gero ba ta halatta a musanya ta da tiya ɗaya ta sabo. Ƙiyasi ne ya shigar da shi, wato a gano dalilin hukunci, a kai shi inda dalilin ya sake bayyana. Wajen gano dalilin limaman suka rabu.

Abu Hanifa, wanda ya rasu a shekara ta 150 bayan Hijira, ya ce dalilin shi ne awo ko nauyi tare da zama jinsi ɗaya, kuma sanannen ra'ayin Hambaliyya haka yake. A wurinsu har auduga da ƙarfe sun shiga. Malikawa suka ce a cikin kayan ci, sai abincin da ake rayuwa da shi kuma yake ajiyuwa. Shafi'i ya ce zama abin ci kaɗai ya isa. Saboda haka mai ba da mangwaro biyu ya karɓi ɗaya hannu da hannu bai yi laifi ba a wurin Malikawa, amma Shafi'i ya hana.

Batun maslaha ya fi zafi. Malik, da ya rasu a 179, ya karɓi maslahar da nassi, wato aya ko hadisi, bai yi umarni da ita ba bai kuma hana ba. Ka kai wa tela shadda gab da sallah, ya ce ta ɓata. A asali amana ce a hannunsa, mai riƙon amana kuwa ba ya biya sai da sakaci. Malikawa suka ce zai biya sai in ya kawo shaidu, don in aka sake wa masu sana'a, dukiyar jama'a za ta salwanta. Abu Hanifa bai ɗora masa ba, manyan almajiransa biyu suka ɗora. Ni dai hukuncin Malik na ga ya fi kare talaka.

Hanafiyya ta ƙofar istihsani, wato fifita wani dalili da ya fi dacewa, suke barin ƙiyasi idan ya ƙuntata, shi ya sa suka halatta a ba kafinta kwangilar ƙofar da bai ƙera ba tukuna. Shafi'i, da ya rasu a 204, ya yaƙi istihsani don gudun kada son rai ya zama shari'a. Ahmad, limamin Hambaliyya da ya rasu a 241, yana gabatar da hadisi mai ɗan rauni a kan ƙiyasi, sai dai Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim, malaman mazhabarsa, sun faɗaɗa maslaha har suka yarda hukuma ta ƙayyade farashi idan 'yan kasuwa sun ɓoye abinci. Ƙarafi, Bamalike da ya rasu a 684, ya ce in aka bincika rassan fiƙihu, duk mazhabobin suna aiki da maslahar da ake jingina wa Malik shi kaɗai.