Tambayoyin da ake ta maimaita mini kan gajimare

Malam, gajimare hayaƙi ne ko tururi?

Ba ko ɗaya. Tururin ruwan da ke cikin iska ba ya ganuwa. Abin da kake hange a sama ɗigo-ɗigon ruwa ne ƙanana ƙwarai, wani lokaci kuma ƙwayoyin ƙanƙara. Suna samuwa ne in iska mai ɗauke da tururi ta yi sanyi.

To me ke sanyaya iskar? Ai sama ta fi kusa da rana.

Don Allah a daina kawo zancen kusancin rana. Ƙasa rana ke gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta. Iskar ta yi sama, ta tarar matsi ya ragu, sai ta buɗe, buɗewar nan ce ke rage mata zafi. Duk mita 100 da ta hau tana rasa kusan digiri 1.

Mene ne matakin raɓa?

Sanyin da in iska ta kai shi, tururinta zai fara komawa ruwa. Kofin ruwan sanyi da ke gumi a bayansa, abin ke nan.

Daga ƙasa zan iya sanin nisan gindin gajimare?

Za ka iya ƙiyastawa, amma ka saurara da kyau. Ka auna zafin iska a inuwa, ka samo matakin raɓa na wannan lokacin, ka cire ƙarami daga babba, ka ninka da mita 125. A ce zafi digiri 32 ne, matakin raɓa 20. Tazara 12 ke nan, gindin gajimare zai tsaya wajen mita 1,500. In ka ce me ya sa ba 100 ba, ai shi ma matakin raɓa yana sauka da kusan digiri 2 a kowace kilomita, don haka iskar sai ta ƙara hawa kafin ta cim masa. Shi ya sa kake ganin gindin farin gajimaren rana a shafe kamar an yanke: duk iskar a tsayi ɗaya ta kai matakin.

Sai dai lissafin na gajimaren da ya taso daga iskar ƙasa ne kawai, galibi da rana bayan iska ta gauraya. Awon asuba zai yaudare ka. Siraran gajimaren can ƙololuwa kuwa ba ruwansu da awonka. Wata rana ma lissafi ya fita daidai amma sama tas, domin iskar ta ci karo da wata mai ɗumi a bisa, ta tsaya kafin ta kai. Kada ka zargi ma'auninka.

Wai sai da ƙura?

Eh. Tururi na buƙatar abin da zai maƙale a kai: ƙura, hayaƙi ko gishirin teku. Iska ba ta rasa su.

Duk gajimare ruwa ne zai sauka?

A'a. Sai ɗigo kusan miliyan sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama ɗaya.