Garantin sati ɗaya a shagon gyaran waya: me doka ta ce?

Masu gyaran waya sun koma talla da gajeren bidiyo. Ka ga an buɗe waya, an ciro fasasshen sikirin an ɗora sabo cikin minti ɗaya, sannan a rubuta a ƙasa: "Canjin sikirin naira 25,000, garanti sati ɗaya." Ko kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ka shiga, irin maganar ke nan za ka ji. To wannan rubutu na ƙasa ba ado ba ne, akwai dokar da ke hawa kansa. Ita ce Dokar Gasar Kasuwanci da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ce ke kula da ita.

Maganar farashi gajera ce. Sashe na 115 ya hana a karɓi fiye da kuɗin da aka nuna. In mai gyara ya rubuta 25,000 bai ce ban da kuɗin aiki ba, ba shi da hurumin cewa ka ciko 3,000 bayan ya ɗaure waya.

Inda ake yawan rigima shi ne garanti. Mu ɗauka wata mata ta biya wannan 25,000 ɗin. Bayan sati uku sikirin ya fara danna kansa, ko wani gefe ya daina jin yatsa, alhali ko tsaga babu a jikinsa. Ta koma, mai shago ya ce, "Hajiya, ai garantinki ya ƙare tun sati biyu da suka wuce." A idon doka maganar ba ta ƙare a nan ba. Sikirin ɗin kaya ne da ya sayar mata, kuma sashe na 132 ya ba mai saye wata uku daga ranar da kaya ya shiga hannunsa ya mayar da shi in ya kasa yin aikin da aka saye shi dominsa, a gyara, ko a canza, ko a mayar da kuɗi. Satin da mai shago ya rubuta alkawarinsa ne na kansa, ba ya rage wata ukun nan, domin sashe na 129 ya hana a gindaya sharaɗin da zai ƙwace wa mai saye haƙƙin da dokar ta ba shi. Shi ya sa rubutun nan na ƙasan rasit, wai kayan da aka saya ba a dawo da shi, a wurina tsoratarwa ce kawai in dai kayan ne ke da aibi.

Sai dai fa wata ukun na aibin kaya ne, ba na ɓarnar mai waya ba. In ta faɗi ko ta sha ruwa, ba ruwan mai gyara. Kuma ana ganewa: faɗuwa takan bar tsaga a kusurwa ko baƙin tabo da ke yaɗuwa kamar tawada, ruwa kuwa yakan mayar da wata 'yar farar takarda da ke cikin wayoyi da yawa ta koma ja. In babu ko ɗaya, sashe na 145 ya ɗora nauyin kawo hujja a kan wanda ya sayar, shi zai nuna cewa kayansa lafiya lau yake, ba Hajiya ba.

Aikin hannun ma da nasa hukuncin. Sashe na 130 ya ce a mayar maka da kayanka aƙalla yadda ka kawo shi. In ka kai waya don sikirin, ta dawo sifikar kunne ta mutu ko firikwensin yatsa ya daina aiki saboda an tsinke siririyar igiyarsa wajen buɗewa, mai gyara zai gyara ko ya mayar da wani kaso na kuɗin daidai da ɓarnar. Haka nan in sikirin ɗin cirowa aka yi daga wata tsohuwar waya, sashe na 117 ya wajabta a faɗa maka na hannu ne, kuma kiran kofi da sunan orijinal yaudara ce da dokar ta haramta.

Duk wannan ba ya tafiya sai da shaida. Ka ɗauki hoton tallar tun kafin a goge ta, ka sa a rubuta maka rasit mai kwanan wata, da irin sikirin ɗin da aka sa, da kuɗin da ka biya. Ka gwada kira da caji da kyamara a gabansa kafin ka miƙa wayar da kuma lokacin karɓa. In rigima ta taso, fara da mai shagon, in ya ƙi, shugabannin kasuwa sukan raba irin wannan gardama nan take. Bayan su akwai FCCPC, wadda ke karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, sannan kotu. Gaskiya a kan 25,000 ba kowa zai je kotu ba, shi ya sa rasit da hoton tallar nan suka fi yin aiki a ofishin shugaban kasuwa.