Alamar H da L a takardar gwajin jini: abin da take nufi da abin da ba ta nufi

Na karɓo sakamakona, kowane layi akwai lambata, a gefenta kuma akwai wasu lambobi biyu. Daga ina aka samo su?

Lambobi biyun, waɗanda galibi ke ƙarƙashin kanun Reference range, su ne iyakar ƙasa da iyakar sama da ɗakin gwajin yake kwatanta sakamakonka da su. Ana samun su ne ta hanyar auna jinin mutane masu yawa da aka tabbatar lafiyarsu ƙalau, sannan a ɗauki kashi 95 cikin ɗari da suka faɗo a tsakiya, a yar da kashi biyu da rabi na can ƙasa da kashi biyu da rabi na can sama. Ke nan tun daga wurin tsara iyakar an san cewa mutum ɗaya cikin lafiyayyu ashirin zai faɗo a waje. Na'ura kuwa ba ta san shi ba, abin da ta iya kawai shi ne ta buga H idan lamba ta haura, ta buga L idan ta gaza.

Wannan lissafi yana da wani sakamako da mutane ba su cika lura da shi ba. Idan aka yi wa lafiyayyen mutum gwaje-gwaje ashirin da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da alama ya kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Doguwar takarda da ba ta da alama ko ɗaya ita ce ma ba a cika gani ba.

Me ya sa lambobin wannan asibiti suka bambanta da na wancan?

Na'urori da hanyoyin awo sun bambanta, don haka kowace lamba sai a kwatanta ta da iyakar da ke kan takardarta. Ma'auni ma yana rikita mutane. Sukarin jini 5.5 mmol/L daidai yake da 99 mg/dL, domin ana ninka na farko sau 18 ne a sami na biyu, kuma wanda bai duba ma'aunin ba sai ya ɗauka sukarinsa ya yi tashin gwauron zabo.

Takardar ƙanwata ta fito da alamomi har shida. Shin cututtuka shida ke gare ta?

Sau da yawa alamomi da dama labari ɗaya suke bayarwa. A ɗauki misalin mace mai shekara 28, ba ta da juna biyu, tana fama da gajiya da jiri, an yi mata gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini da ake rubutawa FBC, ga abin da ya fito:

```
Hb    10.4 g/dL     L  (12.0-15.0)
PCV   32 %          L  (36-46)
MCV   72 fL         L  (80-100)
PLT   430 x10^9/L   H  (150-400)
WBC   3.7 x10^9/L   L  (4.0-11.0)
NEUT  1.7 x10^9/L   L  (2.0-7.5)
```

Layi biyu na farko abu guda suke aunawa ta fuska biyu. Hb shi ne sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini, PCV kuma kason da waɗannan ƙwayoyi suka mamaye a cikin jinin, kuma yakan yi kusan ninki uku na Hb. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar Hb ƙasa da 12 a matsayin ƙarancin jini ga macen da ba ta da ciki, ƙasa da 13 ga namiji baligi, saboda haka wannan alama ta gaskiya ce, ta kuma dace da gajiyar da matar take ji.

Layi na uku shi ne yake nuna inda za a nemi dalili. MCV girman jajayen ƙwayoyin ne, kuma 72 na nufin ƙanana ne, abin da ya fi haddasa hakan kuwa shi ne ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki. PLT, wato ƙwayoyin da ke taimaka wa jini ya daskare, sukan ɗan haura idan ƙarfe ya yi ƙaranci, don haka alama ta huɗu ma tana cikin labarin. Duk da haka takardar ba ta yanke hukunci ba, domin akwai wani yanayi na gado mai suna talasemiya wanda shi ma yake ƙanƙanta ƙwayoyin. Likita zai nemi gwajin Ferritin don ya ga ajiyar ƙarfen jiki, yana sane da cewa zazzaɓi ko kumburi kan ɗaga wannan lamba har ta ɓoye ƙarancin. Sannan zai tambayi yadda ƙarfen ke zurarewa, ko ta yawan jinin al'ada, ko tsutsar ciki, ko gyambon ciki mai tsiyayar da jini, ko haihuwa kusa da kusa. Shan maganin ƙarin jini ba tare da amsa wannan tambaya ba zuba ruwa ne a tulu mai huda.

Layuka biyu na ƙarshe, na fararen ƙwayoyin jini, su ne suka fi tsoratar da mutane, amma a wannan misali mai yiwuwa su ne mafi ƙarancin damuwa. Mafi yawan 'yan asalin Afirka ta Yamma suna da wani gado a jininsu wanda likitoci ke rubutawa Duffy-null, kuma masu shi sukan sami adadin NEUT, wato wani nau'in fararen ƙwayoyin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, ƙasa da na Turawa ba tare da garkuwar jikinsu ta raunana ba. Ɗakunan gwaji da yawa kuwa suna amfani da iyakokin da suka zo tare da na'ura ko aka ɗauko daga littattafan Turai da Amurka. Idan mutum ba ya yawan kamuwa da cututtuka, ba ya shan maganin da ke rage waɗannan ƙwayoyi, kuma lambar ba ta canzawa in an sake awo, likitoci sukan ɗauke ta a matsayin halittarsa.

Ana iya samun alama alhali kuskuren daga ɗibar jini ne?

Ƙwarai kuwa. Idan jajayen ƙwayoyi suka farfashe wajen ɗiba, ko kwalbar ta daɗe kafin a raba ruwan jinin, fotasiyam ɗin da ke cikinsu yakan fito, sai adadinsa, wanda ake rubutawa K, ya haura 5.0 mmol/L a takarda alhali a jiki daidai yake. Ƙarancin ruwa a jiki yakan ɗaga PCV, shan shayi mai sukari kafin gwajin da aka ce a zo ba a ci komai ba kuma yakan ɗaga sukari. Shi ya sa ga wanda ba shi da alamun ciwon suga, lambar sukari 7.0 mmol/L ko fiye a gwajin da ba a ci komai ba sai an maimaita ta a wata rana kafin a tabbatar masa da cutar. Amma fotasiyam da ya haura sosai ana sake auna shi ne nan take, domin idan gaskiya ne yana iya hargitsa bugun zuciya.

To idan babu alama ko ɗaya, na tsira ke nan?

Ba lallai ba ne. Namijin da Hb ɗinsa ya sauko daga 16 zuwa 13.5 cikin 'yan watanni yana cikin iyaka, amma saukar tana buƙatar bincike, kuma tsohuwar takardarsa ce kaɗai za ta nuna ta. Haka mai ciwon sikila wanda Hb ɗinsa ya saba zama a 8 zai ga L a kowane awo, abin lura a wurinsa shi ne ranar da ya faɗo zuwa 5, musamman idan da haki, bugun zuciya da sauri ko zazzaɓi. Wannan kam ba a kwana da shi a gida, asibiti ake nufa a ranar tare da tsofaffin takardun.