Waiwaye: Inshorar Bashin da Ta Durƙusar da AIG

Da gwamnatin Ghana ta dakatar da biyan akasarin bashinta na waje a Disambar 2022, an riƙa jin sunan CDS, wato yarjejeniyar kariya daga gaza biyan bashi, a labaran kasuwar kuɗi, har hirar ta iso majalisun masu shayi a Nima. Tambayar dai ɗaya ce: mai bin bashi zai iya yi wa bashin inshora? Zai iya, kuma abin ya samo asali ne daga bankin JP Morgan a 1994.

Ga yadda take. A ce wani banki yana riƙe da takardun bashin wani kamfani na dala miliyan 10. Sai ya riƙa biyan wani mai ba da kariya kashi 2 cikin ɗari, wato dala dubu 200 duk shekara, a kan alƙawarin cewa idan kamfanin ya kasa biya, mai ba da kariyar zai cike giɓin. Lokacin da bankin Lehman Brothers na Amurka ya rushe a Satumbar 2008, an yanke wa takardunsa daraja ƙasa da santi 9 a kowace dala. Wanda ya yi alƙawari a kan miliyan 10 ke nan sai ya zube fiye da miliyan 9.

Har nan kamar inshora. Amma kamfanin inshora ba zai yarda ka yi wa shagon maƙwabcinka a Kejetia inshorar gobara ba, kuma doka na tilasta masa ajiye kuɗin biyan diyya. Kafin rikicin 2008, CDS ba ta da ko ɗaya cikin biyun. Mutum goma na iya yin caca a kan bashi ɗaya da ba nasu ba, kuma wata dokar Amurka ta 2000 ta cire cinikin daga sa-idon hukuma. Zuwa ƙarshen 2007, jimillar alƙawuran ta kai kusan dala tiriliyan 60.

A ganina, inda aka fi raina haɗarin shi ne sharaɗin jingina. AIG, babban kamfanin inshora na Amurka, ya sayar da irin wannan kariya a kan takardun bashin gidaje na Amurka, da tunanin ba zai taɓa biya ba. Sai dai yarjejeniyoyin sun ce idan farashin takardun ya faɗi, ko aka rage wa AIG darajar amana, dole ya ajiye tsabar kuɗi nan take, tun ba a kai ga gaza biyan ba. Duka biyun suka auku. Kuɗi suna fita, amana na raguwa, raguwarta kuma na jawo sabuwar buƙatar jingina. Bankunan da suka ɗauka sun tsira kuwa sai suka ga duk igiya ɗaya suka riƙe, kuma ba wanda ya san nawa ke kan wa, don ciniki ne na tsakanin biyu-biyu. Ranar 16 ga Satumba, kwana ɗaya bayan Lehman, Babban Bankin Amurka ya ranta wa AIG dala biliyan 85, daga baya tallafin ya kai kusan biliyan 180.