Fassara si-bi ba laifi ba ce, ƙarin gishirin ne laifi

Kwanakin nan wata magana tana zagaya unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, wai duk wanda ya rubuta si-bi da wasiƙar neman aiki da Hausa aka mayar masa Turanci, idan Turawan Ingila suka gano, shekara goma ce a gidan yari. Wasu kuma sun ce sai an buga wa fassarar hatimi kafin ta karɓu, har an fara karɓar kuɗin mutane da sunan hatimin.

Shekara goman gaskiya ce, amma ba a kan fassara take ba. Tana cikin Dokar Zamba ta 2006, wadda ke aiki a Ingila da Wales da Ireland ta Arewa. Sashe na 2 yana magana ne a kan wanda ya gabatar da bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa, cikin rashin gaskiya, yana sane cewa ƙarya ne ko yana iya zama ƙarya, da niyyar samun wata riba ko jawo wa wani asara. Albashi riba ne. Ba sai an ɗauke ka aikin ba, niyyar ta isa. Shekara goma kuma ita ce iyakar hukunci, ba abin da ake yanke wa kowa ba. Jon Andrewes, wanda ya ƙirƙiri digirori ya shugabanci wata cibiyar kula da marasa lafiya a Ingila, shekara biyu aka ɗaure shi a 2017, sannan a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙwace masa kusan fam 97,000 daga abin da ya ci.

Babu inda dokar ta ambaci harshen da ka fara rubutu da shi, ko wanda ya taya ka. Ta shafi ɗan ƙasa da baƙo daidai.

Inda ake faɗawa rami shi ne sunan sana'a. Wata ƙanwata ta kawo mini takardunta in duba. A Hausarta ta rubuta: "Na yi shekara huɗu a kantin magani, ina sayarwa, ina lissafin kaya, ina rubuta abin da ya ƙare." Tsaf, ba ƙari. A Turancin da wani yaro ya buga mata a shagon kwamfuta sai na ga "Pharmacist". Na ce, "Ke, kin san abin da wannan kalma take nufi?" Ta ce, "Yaya, ai cewa ya yi haka ya fi armashi."

A Ingila wannan suna ne da doka ta keɓe wa masu digirin haɗa magani da rajista. Abin da ya dace da aikinta shi ne "Sales assistant", sai a jera ayyukan nan uku a ƙasa. Mu a Zango kowane bakanike injiniya ne, mai yi wa unguwa allura dakta ne, don girmamawa. Idan aka kwashi girmamawar nan aka zuba a takarda, ta zama iƙirarin shaidar karatu. Gwajin mai sauƙi ne: a sa wani daban ya karanta maka Turancin, ya mayar maka Hausa da baki, layi-layi. Duk layin da ba ka da takarda ko tsohon maigida da zai tsaya maka a kai, a goge shi.

Hatimi kuwa, si-bi da wasiƙa maganarka ce, ba sa buƙatarsa. Ƙa'idar tana kan takardun shaida da ake haɗawa da neman biza: duk wadda ba Turanci ko harshen Wales ba, kamar shahadar Islamiyya ta Larabci, sai da cikakkiyar fassara mai ɗauke da furucin mai fassara cewa daidai take, da kwanan wata, da cikakken sunansa, da sa hannunsa, da yadda za a same shi. Sakamakon WASSCE da Turanci yake zuwa, ba ruwansa da wannan.

Akwai wata shekara goma ta biyu, ita ce ake cakuɗawa da ta farko. Idan aka tabbatar ka yi yaudara a neman biza, ana hana ka shiga ƙasar shekara goma. Wannan sai an nuna da saninka aka yi. Amma ƙin ba da bizar kanta, ana iya yinsa a kan bayanin ƙarya ko da ba ka san an saka shi ba. Nan ne abin yake ba ni haushi, don yaron shagon ya karɓi sidinsa ya manta, wadda ba ta iya karanta abin da aka buga da sunanta ita ce za ta yi asarar kuɗin biza. Ƙanwar tawa dai mun zauna mun sake takardar daga farko, ta koma shafi ɗaya.