Ba kowace takarda ce ake sake sarrafawa ba

Mutane da dama a Maradi na ganin duk takardar da ta gama aiki, ko ta ƙunshe tsire ce, ana iya mai da ita sabuwa. Ba haka ba ne.

A masana'anta, ana zuba tsofaffin takardu cikin wani katafaren tanki da ruwa, a dama har su koma kamar kunu. Sai a tace, a fitar da leda, filoli da yashi. Daga nan a cire tawada: a zuba sinadari mai kumfa, a hura iska daga ƙasa, tawadar ta manne wa kumfar ta taso sama, a kwashe.

To, mai ba ya narkewa a ruwa. Takardar tsire ko ta ƙosai in ta shiga, man sai ya bi zaren takardar ya hana shi kama juna, sabuwar takarda ta fito da tabo, wurin ya yi rauni. Danƙon salatif ma ya kan manne wa injin. Shi ya sa masu saye ke duba dami, su shinshina; in ya jiƙe ko ya yi fumfuna, sai su mayar da shi duka.